Zan rufe shago ɗaya, mutum 4 za su rasa aiki: yaya zan faɗa musu?

"Malam, ina da shaguna biyu da sito, ma'aikata 14. Ƙaramin shagon ya yi wata 8 ba ya fitar da kuɗin hayarsa, na yanke shawarar rufe shi, mutum 4 za su tafi. Akwai wanda ya shekara 6 tare da ni, kuma ɗan ƙanwata yana shagon. Bakina ya yi nauyi. Ta ina zan fara?"

Alhaji, fara da biro da takarda, baki na zuwa daga baya. Abin da ke ɓata irin wannan sanarwa shi ne maigida ya tara mutane, a tambaye shi "nawa za a ba mu, kuma yaushe?" ya ce za a duba. Daga wannan lokacin ba wanda zai ƙara gaskata maganarka, har waɗanda ba a sallama ba.

Ɗauko takardar ɗaukar aikin kowa, ka duba abin da ta ce kan notis da kuɗin sallama, sannan ka nuna wa lauya ko ofishin ƙwadago lissafinka, don doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Yarjejeniya mai lamba 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1982, ita ce ta tsara ƙa'idar da ƙasashe da dama suka ɗora dokarsu a kai: a samu ƙwaƙƙwaran dalili, a ba da notis ko a biya kuɗinsa, kuma in akwai wakilan ma'aikata a tuntuɓe su kafin a zartar. Ba kowace ƙasa ce ta amince da ita ba, amma ma'auni ce mai kyau ko da dokar wurinka ba ta kai can ba.

Mu ƙaddara albashin mutanen huɗu ɗaya ne, kuma shekarunsu a aiki 6, 4, 3 da 1, jimla 14. Mu ce takardarku ta tanadi rabin albashin wata a kan kowace shekara: albashi 7 ke nan. Notis na wata ɗaya ga kowa, albashi 4. Hutun da ba su ci ba ya tashi kamar albashi 1. Ka ga sai ka fitar da albashi 12 a dunƙule, alhali abin da za ka rage a wata albashi 4 ne. Wato sai bayan wata 3 aljihunka zai fara jin sauƙi ta wannan ɓangaren. In wannan kuɗin ba ya hannu, ko ka ɗage sanarwar har ka karyar da kayan shagon, ko ka rubuta ranakun biya kashi-kashi kowa ya sa hannu. Wanda ya ci bashin albashi, a cire a gabansa, ya ga lissafin da idonsa.

Tun kana kan takardar, tambayi kanka ko huɗun sun isa. Na taɓa ba wani ɗan kasuwa shawara, tausayi ya sa ya sallami biyu maimakon biyar, yana cewa sauran su kwantar da hankalinsu. Bayan wata huɗu ya sake sallamar uku. A mako biyun da suka biyo baya, mai riƙe masa littafi da gwaninsa na ciniki suka kama gabansu ba tare da an kore su ba, don kowa ya ɗauka shi ne na gaba. Laifina ne a ciki, na ga lissafin bai kai ba na ƙyale shi.

Sai maganar wa zai tafi. Gurbin aiki kake rufewa, don haka ka kafa ma'auni ɗaya da za ka iya faɗa a bainar jama'a ba ka sunkuyar da kai ba: ko wanda ya zo ƙarshe shi zai fara tafiya, ko kuwa aikin da babban shago da sito ke bukata. Kasancewar mutum a shagon da za a rufe ba lalle ya isa dalili ba. Mai shekara 6 zai iya fin wani na babban shago sanin kaya. Ciki, rashin lafiya, addini, ƙabila ko shiga ƙungiyar ma'aikata ba su da gurbi a ma'aunin, kuma a wurare da yawa su ne ke kai maigida kotu. Ɗan ƙanwarka kuwa, duk idanu a kansa suke. In ma'auni ya faɗa kansa, ya tafi, ka taimake shi daga aljihunka a gida. In ma'auni ya bar shi, ka shirya bayyana dalili, don za a yi gunaguni ko ba a faɗa a gabanka ba.

Ranar faɗa, zaɓi safiya a farkon mako, don mutum ya samu ranakun aiki na neman wani wuri da dawowa da tambaya. Ka kira su ɗaya bayan ɗaya cikin ofis, ƙofa a rufe, da mutum ɗaya a matsayin shaida. Kai da bakinka za ka faɗa, ban da aike, ban da saƙon waya. Bayan gaisuwa kada ka yi kewaye-kewaye, jimla ta biyu ta ɗauki labarin:

"Malam, na kira ka kan magana mara daɗi. Zan rufe ƙaramin shago ranar 30 ga wata, kuma aikinka yana cikin waɗanda za su ƙare. Ba laifi ka yi ba, shagon ne ya kasa riƙe kansa. Ga takarda, haƙƙinka duka yana ciki da ranar da za a biya."

Daga nan ka yi shiru. Wani zai zuba wa takardar ido ba ya karanta komai, wani zai yi faɗa, wani zai ce a rage masa albashi ya zauna. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuya, kuma ya kamata ka riga ka san amsarka kafin ya shigo. Kada ka ce "ni ma abin ya fi damuna", shi ne zai koma gida da labarin. Kada kuma ka ce "da zarar kasuwa ta gyaru zan neme ka" sai in da gaske kake, don akwai mai ƙin karɓar wani aikin yana jiran wayarka. Yawancin abin da ka faɗa bayan jimla ta biyu ba zai shiga kunnensa ba, shi ya sa takardar take da amfani, kuma ka sa masa rana bayan kwana biyu ya dawo ku sake zama.

Taimakon da ke aiki shi ne wanda ake iya riƙewa a hannu: takardar shaidar aiki da aka riga aka buga, awa biyu a rana cikin watan notis don neman aiki, da waya biyu ko uku da kai da kanka za ka yi wa abokan kasuwancinka. Miƙa makullai, ƙirga kaya, littafin masu bashi da canza lambar sirrin asusu, a yi wa kowa iri ɗaya kuma a faɗi ranarsu tun farko, don kada wani ya ji ana yi masa kallon ɓarawo.

Goman da suka rage, ka tara su a wannan ranar, kafin a tashi daga aiki, in ba haka ba jita-jita za ta riga ka. Gaya musu abin da aka rufe da dalili, ba tare da tona nawa aka ba wane ba. Faɗi wanda zai ɗauki kwastomomin tsohon shagon, da wanda aikinsa zai ƙaru da ko za a ƙara masa wani abu. Tabbas wani zai tambaya ko an gama. In ka tabbata, ce an gama. In ba ka tabbata ba, ce: "A lissafin yau ba ni da shirin rage kowa. Bayan wata 3 za mu sake zama in nuna muku inda ciniki ya kai." Ka rubuta ranar a kalandar ofis suna kallo.