Gyaran hasken fuska a hoto: allon zane zan saya ko shiryayyen gyara?

Tambaya: Ina ɗaukar hoton amare. Idan na haskaka goshi da kumatu a Photoshop, sai fuskar ta fito kamar an barbaɗa mata toka. Wani ya ce in sayi allon zane mai alƙalami, wani ya ce in sayi shiryayyen gyaran da ake danna wa sau ɗaya. A kan wanne zan kashe kuɗina?

Amsa: Malam, ka riƙe kuɗinka tukuna, domin matsalar tana cikin yadda kake aikin ne. Galibi tana zuwa ne daga amfani da Dodge Tool da Burn Tool kai tsaye a kan hoton, da ƙarfi mai yawa. Fata mai duhu tana da launi mai kauri, ja da ruwan ƙasa a haɗe. Idan aka tura mata haske da yawa lokaci guda, launin yakan kwashe, ya bar fari-fari marar rai. Duhuntawa kuma akasin haka take yi: takan ƙara wa wurin ja ko ruwan goro.

Ga yadda ya fi dacewa. Ka buɗe hoton a 16 Bits/Channel don kada inuwa ta yi tsani-tsani. Ka ƙara Curves guda biyu. A na farko ka ɗaga tsakiyar layin sama kaɗan, a na biyu ka saukar da shi kaɗan. Ka danna farin akwatin da ke gefen kowannensu, ka buga Ctrl+I ya koma baƙi, sai gyaran ya ɓuya gaba ɗaya. Yanzu ka ɗauki burushi fari, Hardness 0%, Opacity 100%, amma Flow tsakanin 1% da 3%. Duk inda ka shafa a na farko zai haskaka, a na biyu zai duhunta. Muhimmin abu shi ne wannan ƙaramin Flow ɗin: shafa ɗaya ba ta nuna komai, sai ka maimaita sau da yawa hasken ya taru a hankali, ba tare da iyakarsa ta fito ba.

Mu ɗauki amaryar da take zaune taga na hannun damanta. Wannan ɓarin fuskar ya riga ya sami haske, don haka nan za ka ƙarfafa: saman ƙashin kumatun dama, tsakiyar goshi ta wajen tagar, karan hanci, da ɗan tudun haɓa. Duhu kuma ka sa shi ƙarƙashin ƙashin kumatu, da layin muƙamuƙi, da bakin ɗaurin kai inda dama can akwai inuwa. Kada ka haskaka kumatun hagu don ya yi daidai da na dama. Da zarar ka yi haka, ido zai ga fitila biyu inda babu, fuskar ta baje ta rasa siffarta. Ƙarƙashin ido ma a rage inuwar ne kawai. Idan aka share ta duka, dangin amarya za su ce ba ita ba ce. Ka tuna mai kwalliya ta riga ta zana mata haske da inuwa, don haka abin da ya rage maka kaɗan ne.

Don ka ga dabbare-dabbaren haske sosai, ka ɗora Black & White a can sama yayin aiki, ka kashe shi idan ka gama. Ka riƙa ƙanƙanta hoton yana komawa girman da za a gan shi a waya, domin a nan tabon gyara yake tona kansa. Idan launi ya gurɓata, ka mayar da Curves ɗin kan Luminosity. In har wurin da ka haskaka yana nan fari-fari, ka ƙara Hue/Saturation a wannan wurin kaɗai, ka ɗaga Saturation kaɗan. Daga ƙarshe ka haɗa Curves biyun a rukuni guda, ka rage Opacity zuwa wajen 70%, domin hannu yakan wuce gona da iri bayan ido ya saba.

Batun saye kuwa, shiryayyen gyara ba mu ba ka shawararsa. Mafi yawansu waɗannan Curves biyun suke jera maka, shafar kuma kai za ka yi. Allon zane yana da amfani na gaske, domin da linzamin kwamfuta wuyan hannu yana saurin gajiya, shafar kuma takan yi kaushi. Ƙarami marar gilashin nuna hoto ya isa, irin Wacom Intuos, ko na Huion da XP-Pen waɗanda galibi sun fi araha. Idan ka same shi, ka shiga Brush Settings, ka kunna Transfer, ka sa Control na Flow Jitter a kan Pen Pressure, yadda ƙarfin dannawarka zai riƙa sarrafa yawan hasken.