Kafin ka bar Gusau, rubuta abin da filtocinka ke ɓoyewa

"Yaya, na samu gurbin digiri na biyu a Malesiya, wata mai zuwa zan bar Gusau. Ni ke riƙe da akwatin imel na sashenmu, kuma shugaban sashe ya ce in rubuta takardar miƙa aiki. Ba kalmar sirri kawai zan ba wadda za ta gaje ni ba?"

Ƙanena, Allah ya sanya alheri. Kalmar sirri ita ce mafi sauƙi a cikin abin da za ka miƙa. Mai wuyar shi ne filtocin da ka kafa shekara da shekaru, waɗanda za su ci gaba da kwashe saƙonni bayan ka hau jirgi, magajiyarka ba ta ma san da su ba.

A ofishin da nake aiki a nan Birmingham, akwatin da na gada yana da wata filta da takardar miƙa aiki ba ta ambata ba:

```
from:(noreply)
Skip the Inbox (Archive it), Mark as read
```

Wanda ya kafa ta tallace-tallace ne suka ishe shi, kuma shi ya saba leƙa All Mail duk ƙarshen mako. Ni ban san da haka ba. Wata hukumar tallafin karatu ta aiko da wa'adin tura sunayen ɗalibai daga adireshi mai noreply, saƙon ya wuce can ya kwanta kamar an karanta, sai da suka bugo waya muka farga. Alamar irin wannan ita ce mutane su riƙa cewa sun turo, kai kuwa ba ka gani a Inbox ba, ba ka gani a Spam ba, amma da ka nema da sunan mai aikowa sai saƙon ya fito.

In Gmail kuke amfani da shi, shiga Settings, ka buɗe Filters and Blocked Addresses, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowace filta ka rubuta me take kamawa, me take yi da shi, don me ka kafa ta, kuma wa ke duba wurin da take kai saƙon. Dalilin nan ake yawan tsallakewa, alhali shi ne kaɗai abin da ba za ta iya karantawa a kan allo ba. Misali: "Duk saƙon da takensa ke ɗauke da kalmar transcript yana tsallake Inbox ya tafi lakabin Sakamako. Na yi haka ne saboda jami'in jarrabawa ne ke amsa su. Ina dubawa Litinin da Alhamis, in buga masa a takarda." Masu Skip the Inbox, Delete it da Forward it to ka sa su a saman takardar. Mai Delete it ta fi haɗari, domin Trash na share saƙo da kansa bayan kwana 30. In akwai wadda ke tura saƙo zuwa imel ɗinka na kanka, cire ta tun yanzu. Wasiƙun ɗalibai ba su da abin yi a Malesiya. A shafin filtocin, zaɓi dukkansu ka danna Export, zai ba ka fayil mailFilters.xml, haɗa shi da takardar.

Lakabi, wato Label a Gmail, ba shi da wuya. Faɗi ma'anarsa, wa ke manna shi, kai ko filta, da lokacin da ake cire shi. Lakabi irin "Oga" ko "Jira" kai kaɗai ka san nufinsa. Ka kuma gaya mata cewa goge lakabi a Gmail ba ya goge saƙonni, amma a Outlook in ta goge folda, da abin da ke ciki take tafiya. A Outlook ɗin kuma filtocin, wato Rules, a jere suke aiki, mai Stop processing more rules tana hana na ƙasanta taɓa saƙon.

Sai layin wayarka. In lambar tabbatarwa ta akwatin kan layinka take zuwa, ranar da magajiyarka ta shiga daga sabuwar kwamfuta kai za a turo wa, kana can bambancin awa bakwai tsakaninku, wataƙila ma layin na cikin jaka. Layin da ya daɗe a ajiye kuma kamfani na iya sayar da shi ga wani. Ku zauna tare a ofis ku canja lambar da imel na farfaɗowa zuwa na sashen, ta canja kalmar sirri da hannunta, ta fita ta sake shiga a gabanka. Kada ka rubuta kalmar sirri a takardar, tunda kwafinta zai shiga fayil ɗin shugaban sashe. Sannan ka turo saƙon gwaji daga wayarka mai transcript a takensa, ka bar ta ta nemo shi da takardar kaɗai, kai ka yi shiru.