Saƙona na makara kullum: a ina zan nemi bakin zaren?

Tambaya: "Malam, ina sayar da atamfa da leshi a Kano. Oda ta WhatsApp nake karɓa, in saro a Kantin Kwari, in aika a mota zuwa Abuja da Kaduna da Jos. Kwana biyu nake yi wa kwastoma alkawari, amma sau da yawa sai kaya su kwana huɗu ko biyar. Na canza yaron aike sau biyu, na canza direba, abin bai canza ba. Kwastomomi sun fara guduwa. Yaya zan yi?"

Hajiya, ki dakata da canza mutane tukuna. Idan an sauya yaro an sauya direba kuma makarar tana nan daram, to ba a jikinsu matsalar take ba, tana cikin yadda aka tsara aikin ne. Ko wa kika ɗauko gobe, a wannan tsarin zai shiga, kuma makarar da na baya suka yi ita zai yi. Ruwa ba ya tsami banza, amma sai an bincika ake sanin abin da ya tsamar da shi.

Kafin komai, ki samo littafi ki koma kan oda 30 na ƙarshe. WhatsApp ya riga ya ajiye miki lokutan, alat ɗin banki ma haka. Kowace oda ki rubuta mata lokaci shida: sanda kwastoma ta ce tana so, sanda kika tabbatar kuɗi sun shigo, sanda turmin ya zo hannunki, sanda aka kai shi tasha, sanda mota ta tashi, da sanda mai kaya ta karɓa. Na biyar ne zai ba ki wahala, don ba kasafai ake rubuta shi ba. Ki duba lokacin da kika tura wa kwastoma lambar direba, ko ki tambayi ɗan kamasho. Wannan aikin yini guda ne, kuma shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya, domin ƙwaƙwalwa ranar da mota ta lalace a hanya take riƙewa, ta manta da sauran ranakun da kaya suka kwana a ɗakinki.

Daga nan sai zanen ƙashin kifi, wato zanen da ake jera dalilan matsala a kansa. Wani malamin Jami'ar Tokyo a Japan, Kaoru Ishikawa, shi ya yaɗa shi a shekarun 1960 don masana'antu, amma biro da takarda kawai yake buƙata. Ki kwantar da takarda, ki ja layi daga hagu zuwa dama. A ƙarshen dama, wato kan kifin, ki rubuta matsalar yadda za a iya ƙirga ta. "Kaya na makara" bai isa ba. Ki rubuta kamar haka: oda 12 cikin 30 sun wuce kwana biyu. Sai ki fitar da manyan ƙasusuwa daga layin tsakiya, uku sama uku ƙasa. Masu masana'anta suna da nasu kason, ke kuwa waɗannan za su fi dacewa da ke: mutane, tsarin aiki, samun kaya daga dila, abin hawa da tasha, kuɗi da bayanan oda, sai yanayi, wato ruwan sama, cunkoso, ranar Juma'a da lokacin Sallah.

Kada ki cika shi ke kaɗai. Ki zaunar da yaron aikenki da duk mai taya ki naɗe kaya, ki ce musu ba shari'a ake ba, kowa ya faɗi abin da ya taɓa gani ya jawo jinkiri. Ki bar su su fara magana, don idan uwar ɗaki ta riga ta faɗi nata, yaro ba zai musa ba. A nan ne za ki ji abin da ba ki sani ba: wataƙila yakan tsaya jiran kuɗin adaidaita sahu, ko kuma yakan je tasha ya tarar ba a rubuta lambar mai karɓa a jikin leda ba, sai ya yi ta kiranki. Kowace magana ki rataye ta a ƙashin da ya dace da ita.

Amma ki kula, duk abin da ke jikin wannan zane zato ne. Kuskuren da mutane suka fi yi shi ne su cika takarda da dalilai ashirin, su ji kamar sun gama, sannan su ɗauki wanda ya fi musu daɗin gyarawa. Littafin nan na oda 30 ne alƙali. Kowace odar da ta makara, ki duba tsakanin waɗanne lokuta biyu aka fi ɓata sa'o'i, ki yi ɗigo a ƙashin da abin ya shafa.

Bari mu ƙaddara abin da kika samu, ke kuma sai ki sa naki alƙaluman. A cikin 12 ɗin nan, 7 an kai su tasha bayan azahar suka kwana a can, 3 dila ya ce kalar ta ƙare sai da aka zagaya nema, 1 mota ta lalace, 1 kuma mai kaya ce ba ta ɗaga waya ba. Kin ga direba, wanda kika fi zargi, ɗigo ɗaya ne kacal a kansa. Waɗannan 7 ɗin su za ki fara bi.

A nan "me ya sa" sau biyar ke shigowa, wato maimaita tambayar a kan kowace amsa har a kai ga tushen matsala. A kamfanin Toyota aka raini wannan dabara, kuma Taiichi Ohno ya bayyana ta da misalin injin da ya tsaya: fis ya ƙone saboda nauyi ya yi yawa, nauyi ya yi yawa saboda mai bai isa wurin juyawa ba, mai bai isa ba saboda famfon ba ya turawa sosai, famfon ya gaza saboda sandarsa ta cinye, ta cinye kuwa saboda babu abin tace mai, ɓurɓushin ƙarfe na shiga ciki. Wanda ya canza fis ya tafi, zai dawo ya sake canzawa.

To, mu bi naki. Me ya sa kaya 7 suka kwana a tasha? Saboda sun iso bayan motocin safe sun cika sun tashi, ta yamma kuma ko ba ta cika ba, ko ta isa cikin dare ba mai karɓa. Me ya sa suka iso bayan azahar? Saboda yaro bai bar Kwari da kayan ba sai wajen ƙarfe ɗaya. Me ya sa? Saboda bai samu jerin abin da zai saro da kuɗinsa ba sai kusan sha ɗaya. Me ya sa? Saboda sai kin zauna kin haɗa rasit ɗin da kwastomomi suka turo da alat ɗin da ya shigo, kuma ba kya samun zama sai kin sallami yara makaranta kin kammala hidimar safe. Me ya sa sai a lokacin? Saboda ke kaɗai ke iya tabbatar da kuɗi, kuma babu ƙayyadadden lokacin rufe oda, don haka wadda ta biya ƙarfe biyar na yamma da wadda ta biya sha biyun dare duk alkawari ɗaya aka yi musu, duk kuma jiran zama ɗaya suke.

Kowace amsa sai da shaida. Idan kika ce yaro ya bar kasuwa ƙarfe ɗaya, ki nuna saƙon da ya turo. Sannan ki karanta sarƙar daga ƙasa zuwa sama da "shi ya sa": babu lokacin rufe oda, shi ya sa tantance kuɗi ke kaiwa hantsi, shi ya sa yaro ke fita a makare, shi ya sa motar safe ke wucewa. Duk inda maganar ta ƙi haɗuwa, akwai matakin da kika tsallake. Biyar ɗin ma ba wajibi ba ce. Wani lokaci uku sun isa, wani lokaci sai bakwai. Inda za ki tsaya shi ne inda kika iso abin da ke hannunki ki canza, wanda idan ya canza matsalar ba za ta dawo ba. Idan amsarki ta ƙare da "yaron ba shi da himma", ba ki iso ba, ki sake tambayar me ya sa mai himma ma zai makara a wannan wurin. Idan kuma ta ƙare da "haka ƙasar take", kin zarce.

Gyaran sai ya fito daga amsar ƙarshe. Ki sanar da kwastomomi cewa wadda kuɗinta suka shigo kafin ƙarfe uku na rana, kayanta za su bi motar safiyar gobe, wadda ta wuce haka sai jibi. Ki tantance kuɗi da ƙarfe uku daidai, yaro ya saro kafin a tashi kasuwa, a naɗe a rubuta suna da lamba da daddare, ya kai tasha da sassafe. Ban ce ki ba kowa lambar sirrin asusunki ba. Zama ɗaya a tsayayyen lokaci ya wadatar. Ki tambayi ɗan kamashon kowane layi ƙarfe nawa motar farko ta saba cika, domin na Jos da na Abuja ba lallai su zo ɗaya ba, kuma ranar Juma'a ki matso da komai gaba.

Waɗancan 3 na dila nasu zaren daban ne, kada ki cusa su cikin wannan. Idan kika bi su, mai yiwuwa ki tarar kina tallata hoton kayan da ba ki tabbatar suna nan ba. Maganinsa ki kira dila kafin ki ba kwastoma lambar asusu, kalolin da suka fi tafiya kuma ki ajiye turmi biyu ko uku a gida gwargwadon ƙarfin jarinki. Lalacewar mota da ruwan sama ba a hannunki suke ba. Abin da za ki iya shi ne ki sanar da mai kaya tun kafin ta tambaya, kuma garin da littafinki ya nuna kwana biyu ba ya yiwuwa, ki mayar da alkawarinsa kwana uku.

Canji ɗaya za ki fara yi, wato lokacin rufe oda, ki bar yaro da direba yadda suke, don ki san abin da ya yi aiki. Ki ci gaba da rubuta lokutan nan shida a kan oda 30 masu zuwa. A misalinmu 12 cikin 30 kashi 40 cikin 100 ne. Idan binciken ya yi daidai, ya kamata makararrun su sauko wajen 5. Idan suka tsaya a 10 ko 11, ko dai ba a bin sabon lokacin, ko kuma ɗaya daga cikin amsoshin nan biyar zato ce ba shaida ba, sai ki koma kan ta biyu da ta uku ki sake duba saƙonnin ranakun.