Bot ɗina ba ya faɗin komai sai "ban gane ba": yaya zan gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da data da katin waya ta WhatsApp, na haɗa bot da Rasa yana karɓar oda. Duk saƙon da bai fahimta ba sai ya ce "Yi haƙuri, ban gane ba, sake gwadawa." Kwastomomi suna jin haushi, wasu har zagi suke turowa su tafi. Wace amsa ya kamata ya riƙa bayarwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka lura da abin da jimlar take nema daga mutum. Ta ce masa ya sake gwadawa, amma ba ta faɗa masa abin da zai canza ba. To me zai yi? Zai sake turo saƙon kamar yadda ya rubuta shi, bot ɗin ya sake kasa ganewa, ya sake ba shi amsar nan. A karo na uku ne zagin yake zuwa, kuma ni ban ga laifin kwastoman ba. Gyaran ya wuce sauya kalmomi, domin abin da kake kira rashin ganewa yanayi ne daban-daban da ka haɗa su a amsa guda.

Bari mu ɗauki saƙo ɗaya mu bi shi. A ce wani ya rubuto: "slm na tura kudi tun dazu banga komai ba". Rasa, wato tsarin da ka gina bot ɗin da shi, ba ya jefar da saƙon haka kawai. Yana ba kowace niyya da ka koya masa, wato kowane irin buƙata da kwastoma zai iya zuwa da ita, maki tsakanin 0 da 1, gwargwadon yadda saƙon ya yi kama da misalanta. A ce makin ya fito haka: ƙorafin data bai shiga ba ya samu 0.46, tabbatar da biyan kuɗi ya samu 0.41, sayen data ya samu 0.08. Babu wanda ya kai iyakar da ka sa, sai tsarin ya juya saƙon zuwa `nlu_fallback`, wato niyyar da ake ba saƙon da ba a tabbatar da ma'anarsa ba. Amma duba makin da kyau. Bot ɗin ya san maganar kuɗi ce da aka riga aka tura, ya san ba gaisuwa ba ce, ba tambayar farashi ba ce. Abu biyu ne kawai suka rikice masa. Idan ya ce "ban gane ba" a nan, ya zubar da duk abin da ya riga ya sani. Amsar da ta dace ita ce wadda za ta nuna wa mutumin an ji shi, sannan ta taƙaita masa zaɓi:

"Na ga maganar kuɗin da aka tura ce. Wanne ne a ciki?" Sai maɓallai uku a ƙasa: "Data bai shiga ba", "A duba biyana", "Wani abu daban".

WhatsApp yana ba ka damar sa maɓallan amsa har uku a saƙo ɗaya, kowanne rubutunsa kada ya wuce harafi 20, shi ya sa na gajarta su. Amfanin maɓalli shi ne idan an danna shi, lambar shaidarsa ce take dawo maka, babu sauran hasashe. Maɓalli na uku kuma kada ka taɓa cire shi. Idan hasashen biyu duk kuskure ne kuma babu ƙofar fita, ka tilasta wa mutum ya zaɓi abin da bai nufa ba, kuma wannan ya fi "ban gane ba" muni.

A Rasa, abin da yake yanke wannan hukunci shi ne `FallbackClassifier`, wanda ake sawa bayan mai rarraba niyya a cikin `config.yml`:

```yaml
  - name: FallbackClassifier
    threshold: 0.6
    ambiguity_threshold: 0.1
```

Lamba ta farko tana nufin idan niyyar da ke kan gaba ba ta kai 0.6 ba, kada a aminta da ita. Ta biyu tana nufin ko da ta kai, idan tazarar da ke tsakaninta da mai bi mata ba ta kai 0.1 ba, a ɗauka akwai ruɗani. Wannan 0.6 misali ne kawai, kada ka kwafe shi ido rufe. Idan ka ɗaga iyakar da yawa, bot ɗin zai riƙa tambayar mutane abin da ya fito fili, har wanda ya rubuta "ina son data 1GB" a tambaye shi me yake nufi. Idan ka sauke ta da yawa, zai daina cewa bai gane ba, amma zai fara aikata kuskure da ƙarfin gwiwa: mai ƙorafi a turo masa jerin farashi. A sana'ar da kuɗi ke motsi, na fi son bot mai yawan tambaya a kan bot mai saurin yanke hukunci, musamman a matakin da za a cire kuɗi ko a tura data zuwa wata lamba. Hanyar gano lambar da ta dace da kai ita ce ka ɗebo saƙonnin gaske na kwastomominka, ka rubuta wa kowanne niyyarsa ta gaskiya da hannunka, ka duba a wane maki ne kurakuran suka fara yawa.

Rasa yana da tsari da ya zo da shi don wannan, `action_two_stage_fallback`. Yana fara tambayar mutum ko kaza yake nufi. Idan ya ce a'a, sai ya roƙe shi ya sake faɗa da wasu kalmomi. Idan har yanzu babu tabbas, ya sake neman tabbaci, sannan in an sake cewa a'a ya miƙa ga `action_default_fallback`. Tsarin yana da kyau, amma akwai tarko a ciki. Idan ba ka sake rubuta `action_default_ask_affirmation` ba, tambayar za ta fito da Turanci, kuma da sunan niyyar yadda ka rubuta shi a fayil, irin su `check_payment_status`. Kwastoman da ke neman kuɗinsa ba ruwansa da wannan suna. Ka rubuta naka, ka ba kowace niyya gajeriyar jimlar Hausa da za a nuna, ka kuma sa ya nuna biyun da ke kan gaba maimakon ɗaya.

Yanzu mu koma kan mutumin namu. A ce ya danna "Wani abu daban", ya sake rubuta abin da bot ɗin bai kama ba. A nan kada amsar farko ta sake fitowa. Karo na biyu dole ya zo da ƙarin taimako, kuma mafi amfani shi ne misali na zahiri tare da iyakar abin da bot ɗin yake iyawa: "Har yanzu ban kama ba. Ina iya sayar da data, sayar da kati, da duba odar da ta maƙale. Idan oda ce, a turo min lambar wayar da aka saya wa." Ka ga an daina neman ya yi bayani da jimla, ana neman abu ɗaya mai siffa sananniya. Lambar wayar Najeriya mai lamba 11 ba ta buƙatar wani hasashe, ƙa'ida mai sauƙi za ta gane ta, kuma da ita za ka iya binciko odarsa kai tsaye.

Idan aka kai karo na uku, bot ɗin ya tsaya. A miƙa wa mutum, kuma a faɗi gaskiya game da lokaci: "Na tura maganar ga mai shago. Yana amsawa daga ƙarfe 8 na safe zuwa 9 na dare." Kada a ce "yanzu za a amsa" alhali ƙarfe biyun dare ne kuma kana barci. Saƙonnin da mutumin ya riga ya rubuta su iso gare ka tare da sanarwar, don kada ka fara da tambayarsa abin da ya faɗa sau uku. Ka kuma tuna WhatsApp yana ba kasuwanci awa 24 ne daga saƙon kwastoma na ƙarshe don a amsa masa da rubutu na yau da kullum. Idan ta wuce, sai da samfurin saƙo da aka riga aka amince da shi. Wannan ƙidaya ta karo ɗaya, biyu, uku kana iya ajiye ta a `slot` guda, wato wurin da Rasa yake ajiye abin da zai tuna a cikin hira, ka mayar da ita sifili da zarar an fahimci juna. In ka manta da mayarwar, wanda ya yi kuskure biyu jiya zai yi ɗaya yau a jefa shi wurinka.

Akwai wani rukuni da bai kamata ma ya isa ga wannan amsa ba. Mutanenmu da yawa saƙon murya suke turowa, ko hoton rasit bayan sun yi tiransifa. Saƙon da WhatsApp yake turo wa sabarka yana ɗauke da `type`, wanda zai nuna `audio` ko `image`. Ka tare su tun daga nan. Wanda ya turo murya a ce masa ba a iya sauraron murya a nan, ya rubuta ko ya danna maɓalli. Wanda ya turo hoto kuwa, a sana'arka kusan kullum shaidar biya ce, sai a ce an karɓi hoton, a tambaye shi lambar da ya saya wa. Haka ma wanda ya tambayi abin da ba ka yi, kamar biyan kuɗin wuta: an gane shi sarai, abin da zai ji shi ne "ba ma yin wannan", domin in ka ce masa ba ka gane ba zai ci gaba da sake fasalin tambayar da ba ta da amsa a wurinka. Ka ware wa irin waɗannan niyya tasu.

Abu ɗaya da nake roƙonka ka kiyaye: rashin ganewa kada ya goge inda aka tsaya. Idan mutum ya zaɓi layinsa, ya zaɓi adadin data, ana jiran lambar waya sai ya rubuta "na kanina ne", kada a mayar da shi farkon jerin zaɓi. A maimaita tambayar da ake kai, tare da abin da aka riga aka tara: "To madalla. 2GB ɗin, a wace lamba za a tura?"

Sannan ka riƙa adana duk saƙon da ya faɗa `nlu_fallback`, ka zauna ka karanta su duk mako. Za ka tarar yawancinsu ba baƙin buƙatu ba ne, rubutu ne irin na waya: "kudi" da "kuɗi", "ban ga" da "banga", "ngd", "pls", Hausa da Turanci a jimla ɗaya. Idan misalan da ka koya wa bot ɗin duk da daidaitacciyar Hausa ka rubuta su, ba zai gane yadda kwastomominka suke rubutu ba. Ka kwashe waɗannan saƙonni yadda suke, ka cire sunaye da lambobin mutane, ka zuba su cikin misalan niyyar da ta dace, ka sake horar da shi. Lokacin karantawar, ka fi mai da hankali ga abin da ya biyo bayan amsar bot ɗin: mutumin ya danna maɓalli ya kammala odarsa, ko ya maimaita saƙonsa, ko ya yi shiru ya tafi? Inda ka ga ana yawan danna "Wani abu daban", akwai niyyar da ba ka ƙirƙira ba tukuna, kuma saƙonnin da suka biyo bayan dannawar su ne misalanta na farko.