Amsa kan tarukan da za su kawo wa unguwa kuɗi

Tambayar Sakataren matasa: "Baba Alhaji, barka da dare. Muna son jerin taruka da za su riƙa shigo wa ƙungiyar unguwa da kuɗi. Wasu sun ce bajekoli, wasu gasar ƙwallo, wasu zauren karatu. Da wanne za mu fara?"

Amsar da aka rubuto daga muryar da ya turo:

Assalamu alaikum. Sakatare, barkanmu da dare, ina kuma gaida iyayenmu da sauran 'yan'uwa da ke wannan zaure.

Ku fara da bajekoli, amma ƙarami, na yini ɗaya, sau ɗaya a wata, a ranar Asabar ta farko bayan an yi albashi. Dalilina shi ne, a cikin ukun nan shi kaɗai ne kuɗinsa ke shiga hannunku kafin ranar taro. Taron da ya dogara da kuɗin ƙofa yana hannun hadari da zafin rana da rasuwar da za a iya yi a unguwa da safiyar ranar, amma wanda ya dogara da kuɗin rumfa, tun ana saura mako guda kun san ko za ku ci riba ko za ku faɗi, kuma kuna da damar ɗagawa kafin ku kashe ko sisi. Ko manyan bajekolin da muka sani, na Kano da ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta KACCIMA ke shiryawa a filin titin Gidan Zoo da na Kaduna da ake yi a filin da ke kan hanyar Zariya, sayar wa 'yan kasuwa fili suke yi tun kafin a buɗe. Ku ma haka za ku yi, sai dai daidai ruwa daidai tsaki.

Bari in yi muku lissafi na misali, ku kuma ku sauya alƙaluman da farashin da kuka tarar a wurin masu haya. A ce an ba ku aron filin makarantar firamare. Kun yanka wurin tebur 30 na masu kaya, wato masu atamfa da leshi, masu turaren wuta da humra, masu takalma da huluna, masu yaji da kuka da daddawa, kowane tebur naira 4,000, kun sami 120,000. Masu abinci guda 10, irin masu masa, awara, tsire, fura da zoɓo, su biya 6,000 kowanne, domin su ne suka fi kowa ciniki kuma su ne suka fi barin shara, wannan 60,000 ke nan. Masu na'urar cirar kuɗi mutum 2 su biya 5,000 kowanne, wurin ajiye babura kuma a karɓi naira 100, idan babur 150 ya zo an sami 15,000. Jimilla 205,000.

Ta ɓangaren kashewa, hayar rumfuna 10 a kan 6,000 ta cinye 60,000, tebura da kujeru 25,000, lasifika da janareto da mansa 30,000, 'yan sintiri 6 a kan 3,000 ya kama 18,000, masu shara 10,000, ihsanin da za a yi wa makaranta 10,000, sanarwa da buga rasit 7,000. An kashe 160,000, saura 45,000.

Ina so ku tsaya a kan wannan 45,000 ɗin, domin a nan ne yawancin ƙungiyoyi ke yaudarar kansu. Idan tebur 20 kawai kuka sayar maimakon 30, naira 40,000 ta tafi, abin da ya rage bai wuce 5,000 ba, alhali wahalar guda ce. Saboda haka ku kafa doka tun farko cewa idan ranar Litinin ta makon taro ta yi ba a biya kuɗin tebur 25 ba, to, a rage yawan rumfunan da za a ɗauko ko a ɗaga taron. Alkawarin baki ba ya cikin lissafi. Wanda ya ce a ajiye masa wuri zai biya da yamma idan ya yi ciniki, shi ne wanda za ku nema ku rasa da la'asar, ko kuma ya tsaya ya ce bai sayar da komai ba, ga shi maƙwabcinku ne, kunya ta hana ku matsa masa.

Sannan ku duba inda kuɗin ya fi tafiya. A cikin 160,000, naira 85,000 haya ce ta rumfa da tebur da kujera, fiye da rabi. Wannan ne ya sa nake ganin hikimar yin jerin taruka maimakon gagarumin taro guda. Ribar watannin farko kada a raba ta, kada kuma a yi walima da ita; a riƙa sayen rumfa ɗaya ko kujeru dozin biyu duk wata, a rubuta sunan ƙungiya a jikinsu da fenti. Kowace rumfa da kuka mallaka ta rage muku 6,000 a kowane taro, kuma a sauran ranakun wata ana ba da hayarta ga masu biki da suna da walimar saukar Alƙur'ani, waɗanda ba sa yankewa a unguwa. A ganina, nan ne ainihin kuɗin yake, bajekolin hanya ce ta mallakar kayan. Sai dai a damƙa kayan a hannun mutum ɗaya mai littafi, domin kujerar da aka ara "don Allah" ba tare da an rubuta ba, da wuya ta dawo da ƙafafunta huɗu.

Yadda za ku gane ko taron ya karɓu ba yawan jama'a ba ne. Fili zai iya cika maƙil da yara da 'yan kallo, masu kaya kuma su koma gida da kayansu a ɗaure. Ma'aunin shi ne wannan: da misalin ƙarfe biyar na yamma, lokacin da ake tattara kaya, mutum biyu su zaga da rasit suna tambayar wanda zai kama wurinsa na wata mai zuwa. Idan biyu bisa uku suka biya nan take, kun kafu. Idan ƙasa da rabi ne, akwai matsala, kuma galibi ɗaya ce daga cikin biyu: ko kun tara masu kaya iri ɗaya da yawa, kamar masu turare takwas a jere suna karya wa juna farashi, ko kuwa matan aure, waɗanda su ne masu sayayya, ba su sami natsuwar shigowa ba. Maganin na farko shi ne a ƙayyade, kada sana'a ɗaya ta wuce tebur uku. Na biyun kuwa, a keɓe safiya zuwa azahar ga mata, a rage ƙarar lasifika, a ajiye tabarmi a inuwa da randar ruwa, a kuma sa mata a cikin kwamitin tun daga shiri, ba sai ranar girki ba. Wanda ya gamsu kuma a sayar masa da wata uku a haɗe a kan 10,000 maimakon 12,000, kun ga kun sami kuɗin sayen rumfa da wuri.

Kalanda ma tana da nata hukunci. Daga Yuli zuwa farkon Satumba ruwa ba ya barin taron fili ya yi armashi, musamman a Agusta, don haka ku ɗauka watanni takwas ko tara kuke da su a shekara. Mafi albarkar rana ita ce Asabar da ta rage mako biyu ko uku a yi Ƙaramar Salla, lokacin da kowa ke neman yadi da takalmin yara. Wannan a yi ta da dare bayan an sha ruwa, a ninka kuɗin tebur, ba kuma wanda zai yi ƙorafi.

Gasar ƙwallo kuwa tana tara jama'a fiye da komai, amma ita kanta ba ta barin riba. Ƙungiyoyi 16 a tsarin sili-ɗaya-ƙwale wasa 15 ne. Idan kowace ta biya 15,000, an tara 240,000. A ba zakara 100,000, na biyu 50,000, alƙalan wasa 4,000 a kowane wasa ya zama 60,000, ƙwallaye da zanen fili da akwatin magani 30,000. Kuɗin ya ƙare ƙaf. Filin unguwa kuma ba katanga gare shi ba, balle a ce za a karɓi kuɗin shiga. Ribarta tana zuwa ne ta hanya biyu: a sami mai gidan burodi ko mai ruwan leda ko wani attajirin unguwa ya ɗauki nauyin kyautar a sa sunansa a kofin, sai 150,000 ɗin ta zama taku, sannan a ɗora wasan ƙarshe a kan ranar bajekoli da la'asar, domin masu abinci su ci moriyar taron. Ina ba da shawara ku guji kofin ɗan siyasa a shekarar zaɓe, saboda rabin unguwa za su ɗauka gasar ta jam'iyya ce. Abin da ke rusa irin wannan gasa sananne ne, wato 'yan wasan haya da ake ɗaukowa daga wata unguwa da rigimar bugun fanareti. A karɓi hoton kowane ɗan wasa tun wajen rajista tare da sa hannun mai unguwarsa, a kuma riƙe 5,000 daga kowace ƙungiya a matsayin ajiya, wadda magoya bayanta suka shiga fili ta rasa kuɗin.

Zauren karatu ku yi shi don amfaninsa, kada ku sa ran kuɗi daga gare shi. Inda zai iya kawo ɗan abu shi ne gab da komawa makaranta a watan Satumba, 'yan zauren su buɗe teburin tsofaffin littattafan makaranta a cikin aji, iyaye su kawo na 'ya'yansu da suka wuce ajin, a sayar a rabin farashi, ƙungiya ta ɗauki kashi 10 cikin 100. A ƙi karɓar littattafan da ake amsa tambaya a cikinsu, a kuma karɓo jerin littattafan bana daga makarantun unguwa, don kada a tara bugun da aka daina aiki da shi.

Kafin ku buga sanarwa, ku fara zuwa wurin mai unguwa ya kai ku ga dagaci, ku rubuta wa hedimasta da hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma takardar neman fili, ku sanar da ofishin 'yan sanda a rubuce, inda kuma ake da Hisba a sanar da su. Game da kuɗi, mai yanka rasit daban, ma'aji daban, asusun banki kuma ya zama sai da hannun mutum biyu ake cira. Ku ambaci aikin da ake tara kuɗin dominsa, ko gyaran famfon burtsatse ne ko yashe kwata kafin damina, domin mai awara ta fi sakin 6,000 cikin daɗin rai idan ta san famfon da take ɗiban ruwa za a gyara. Cikin kwana biyu bayan kowane taro a turo hoton lissafin nan zauren, har da kuɗin man janareto.

Sakatare, zuwa Juma'a ka samo mana farashin hayar rumfa daga wuri uku da sunayen masu sana'a 40 na cikin unguwa, sai mu zauna bayan sallar isha'i mu sa rana. Allah ya yi mana jagora. Wassalamu alaikum.