Oga ya ce a tsayar da talla, me zan rubuta a rahoto?

"Yaya, salamu alaikum. Injinan gyaran shinkafa muke sayar wa masu masana'anta. A Maris mun kashe naira dubu 600 a tallan Google, mutum 7 kacal suka tuntuɓe mu, ba wanda ya saya. Oga ya ce a tsayar. Me zan rubuta masa a rahoto?"

Wa alaikumus salam ƙanena. To ka ga, kada ka yarda a auna tallan Maris da cinikin Maris. Mai sayen injin miliyoyi sai ya zo ya gani da idonsa, ya yi shawara da abokan kasuwancinsa, wani ma sai ya jira banki ko ya jira kaka. Wata huɗu, wata biyar, ba abin mamaki ba ne.

Abin da za ka yi, ka buɗe Excel, kowane mutum da layinsa: ranar da ya fara magana, ta ina ya zo, da inda ya tsaya yanzu. Tambaya kawai ya yi? Kun tabbatar yana da masana'anta? Ya zo ganin inji? An ba shi takardar farashi? Ya ba da kafin alƙalami? In ya biya a Yuli, a layin Maris za ka rubuta cinikin, domin kuɗin Maris ne ya kawo shi.

Bari mu yi lissafin tare. A ce cikin bakwai ɗin uku ne na gaske. Kenan kowanne ya ci dubu 200. Sai ka duba tsohon littafinku, cikin irin waɗannan mutum nawa ke saye? In ɗaya ne cikin huɗu, ciniki ɗaya ya tsaya muku dubu 800. A ce ribar inji miliyan 2 ce, tallan na biyan kansa. In kuwa ɗaya ne cikin 15, miliyan 3 kenan, Oga ya yi gaskiya. Wannan lissafin shi ne rahotonka.

Kuma don Allah ka bar maganar kashi kaza cikin ɗari. Daga 7 zuwa 5 za a ce an faɗi da kusan kashi 29, alhali mutum biyu ne. Ka riƙa haɗa wata uku-uku.

Wani abu da ke ruɗa mutane, Google yana ƙirga sakamako ne cikin kwana 30 bayan an danna tallan, sai in ka ƙara da kanka, kuma iyakarsa kwana 90. Cinikin wata biyar ba zai taɓa fitowa a allonsu ba. Shi ya sa nake cewa ku adana GCLID, wato lambar da Google ke ba duk dannawar da aka yi wa talla, na kowane mai cike fom ɗin tuntuɓarku, ranar da kuka ba shi takardar farashi ku loda wa Google wannan a matsayin sakamako, tunda ita tana zuwa kafin kwana 90.

Amma kafin ka je wajen Oga, ka buɗe Search terms a asusun tallanku na Google, wato jerin kalmomin da mutane suka nema har tallanku ya fito musu. In ka tarar masu neman ƙaramin injin niƙa na gida ne ke cinye kuɗin, ka toshe waɗannan kalmomin a yau ɗin nan, ka kuma faɗa masa da bakinka.