Rabon riba ya makara, kuma aboki ne ke riƙe da kuɗin

"Kawu, ni da aminina mun haɗa jari rabi da rabi, shi ke riƙe da kuɗi. Wata uku ke nan bai ba ni rabona na riba ba, ni kuma ina jin nauyin tambayarsa. A al'ada, ya ake yi wa aboki irin wannan magana ba tare da an ɓata ba?"

Ɗana, na ji daɗi da ka tambaya tun ana wata uku. Kara abu ne mai kyau, amma wurinta shi ne yadda za ka yi maganar, ba hana ka yin ta ba. Na taɓa yin shiru kusan shekara a kan wani abokin cinikina. Ban ce masa uffan ba, amma na rage zuwa wajensa, gaisuwata ta yi sanyi. Ranar da na buɗe baki, fushin shekara guda ne ya fito. Kuɗin ya dawo, mutumin bai dawo ba, kuma har yau abin yana damuna.

Kada ka fara da saƙon waya, domin rubutu ba ya ɗaukar murya. Abin da ka rubuta da sanyin rai zai iya karanta shi da zafi. Kada kuma ka yi a gaban yaran shago ko iyalinsa, kuma ka guji habaici da shigar da maganar cikin raha. Ka ce masa: "Ina so mu zauna mu duba lissafinmu, wace rana ce ta yi maka?" Ka lura, lissafinmu na ce, ba kuɗina ba. Abokin tarayya yana da haƙƙin ganin littafi ko da ba ya bin kowa komai, saboda haka wannan buƙata ba zargi ba ce. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

In kun zauna, ku bi abu huɗu a jere: kayan da aka saro, wanda aka sayar, kuɗin da ya shigo hannu, da wanda ke wajen masu bashi. A nan za ka gane irin jinkirin da kake fama da shi.

Mu ce kun sayar da kaya 100, an biya kuɗin 60, sauran 40 na hannun mutane. To abokinka bai ci maka komai ba, kuɗi ne ya maƙale. Ku cire uwar kuɗi da ɗawainiya daga na 60 ɗin, ku raba ribarsa yanzu, sannan ku rubuta sunayen masu bashin 40, ku raba aikin bin su. Alamar mai gaskiya ita ce zai kawo sunaye da ranaku ba tare da ka matsa ba.

Mai wuyar ita ce ta biyu: kuɗin ya shigo, amma wata lalura ta same shi, rashin lafiya ko hidimar gida, ya taɓa. Yawanci kunya ce ke sa irin wannan mutum ya riƙa kauce maka, ba mugunta ba. Ka sauƙaƙa masa faɗa. Ka ce: "In wani abu ne ya taso ka yi amfani da shi, gaya mini, mu san yadda za mu yi." In ya amsa, kada ka yi masa wa'azi, ya riga ya ji a jikinsa. Ku mayar da kuɗin ya zama bashi a kansa, da adadi da rana. Tunda rabonku daidai yake, in ana cire rabin rabonsa kowane wata ana ba ka, ribar wata uku za ta dawo cikin wata shida, matuƙar ciniki bai ja baya ba. Ka bar shi ya faɗi abin da zai iya da bakinsa, domin mutum ya fi tsayawa kan ranar da shi ya yanka. Sai ku rubuta, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi. In ya ce ai tsakaninku babu rubutu, ka tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma kafin ta, aya ta 280 ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Ka yi masa jinkirin, shi kuma ya yarda da rubutun.

In kuwa ya ƙi buɗe littafi, ko labarinsa na sauyawa kowane zama, ko ya saɓa ranar da ya sa har sau biyu ba tare da ya kira ka ba, to lokacin mutum na uku ya yi. Ka gaya masa tukuna cewa za ka nemi wane ya zauna da ku, kada ya ji a bakin wani. Ku zaɓi wanda ku duka kuke ganin girmansa, wanda ya san ciniki kuma yake riƙe sirri. Kafin a warware, kada ka ƙara jari.

A duk tsawon wannan lokaci, ka ci gaba da zuwa gaishe shi, kuma kada ka ɗaga maganar kuɗi a ziyara. Ku sa ranar lissafi ɗaya a wata, ta nan gaba ma, ko da komai na tafiya daidai. In kun yi zaman farko, ka kira ni ka gaya mini abin da littafin ya nuna.